Sun ce za su kira ni, yau mako biyar shiru

Tambaya: Malam, ina da ɗan shago. Na yi intabiyu na aikin kula da sito a wani kamfani, yau mako biyar kullum sai a ce "muna nan muna dubawa". Ga wani dila yana so in zama wakilinsa, ya ba ni kwana goma. Hayar shagona kuma saura mako uku ta ƙare. In jira ne?

Amsa: Ɗan'uwa, muddin ba ka riƙe takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashi da ranar fara aiki ba, to ba ka da aiki a hannu, ko da manaja ya yaba maka a gaban kowa. Don haka kwana goman dilan nan shi ne wa'adin da za ka yi lissafi da shi, don shi ne ke da ranar ƙarewa.

Yau ɗin nan ka tura wa wanda ya yi maka intabiyu saƙo a rubuce. Ka ce har yanzu aikinsu ne zaɓinka na farko, amma an yi maka wani tayi da za ka amsa, kana roƙon su sanar da kai matsayinsu nan da kwana bakwai. Bakwai na ce, don ka rage wa kanka kwana uku na zama da dilan a kan kamasho da kuma wanda zai ɗauki asarar kayan da suka lalace. Saƙo ɗaya ya isa, sai tuni guda a kwana na biyar. Kira kullum yana nuna musu ba ka da inda za ka.

Amsarsu ita za ta faɗa maka gaskiya. In suka ce sa hannun wani babba ake jira kuma suka ambaci rana, ko suka nemi takardunka da sunayen masu tsaya maka, ko suka taɓo zancen albashi, maganar tana raye. In kuwa aka maimaita "ka ƙara haƙuri" ba rana, galibi sun yi wa wani tayi ne suna jiran amsarsa, kai an ajiye ka ko da zai ƙi. Wani lokacin ma kuɗin gurbin ne ba a amince da shi ba tukuna.

Shagon kuma kada ka karyar da kaya don ɗoki. Ka dai rage sari, musamman na bashi, ka nemi mai shago ya karɓi hayar wata uku maimakon shekara, ko da zai ɗan ɗora maka wani abu.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba: ka amsa wa dila, ka karɓi kayansa, sannan kamfani ya kira ka watsar. 'Yan kasuwa ba sa manta irin wannan. In kwana bakwai suka cika ba takarda, ka je wurin dilan, ka rubuta wa kamfanin cikin ladabi cewa ka janye a wannan karon.