Amsar Goggo daga Jos

'Yata, na ga wasiƙar da kika turo in duba kafin ki aika wa yaron nan. Sau biyu na karanta. Inda kika ce "da sai caji ya ƙare muke sallama, yanzu ko minti biyar ba ma cikawa" ya taɓa min zuciya. Amma inda kika ce "ko wata 'yar Jos ce ta ɗauke maka hankali", wannan ki dakata da shi tukuna. Kin tambaye ni ko haka mazan Jos suke. Shekarata 34 da aure a Gangare, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Ke a Kano, bayan isha lokacin taɗi ne. Shi kuwa dillalin kayan gwari ne a Farin Gada, kuma a watan Agusta muke. Ku da rani tumatirinku na Kadawa yake cika kasuwa, mu a nan damina ce kakarmu. Yanzu ne dankalin Bokkos da Mangu yake shigowa, ga kabeji ga karas, motoci na lodi zuwa kudu. Ranar Talata na je sayen kayan miya, ban gaya masa zan zo ba. Na same shi cikin rigar sanyi biyu, taɓo har ƙauri, biro a bayan kunne, yana ƙirga buhuna ana jefawa mota. Wayarsa tana ƙunshe cikin leda saboda ruwa. Ta yi ƙara sau uku muna gaisawa, ukun duka direbobi ne. Wanda ya fito tun asuba a cikin sanyin nan, ƙarfe tara na dare ido ba nasa ba ne.

Ga kuma abin da ku na can ba ku cika sani ba. Tun rikicin 2001, aka sake a 2008 da 2010, garin nan ya rabu. Kowa ya koma cikin nasa. Mu muka cunkushe a su Gangare, Rikkos, Unguwar Rogo da Dilimi, don haka gidan haya ya zama abin nema da fitila. A Kano ango yakan samu fili a gefen gidansu, ko ya fita sabuwar unguwa a bayan gari. Nan ba kowane bayan gari ne namu zai kai amarya ba. Ɗaki da falo in ya fito, kafin ka ji labari wani ya biya. Gwaggonsa ta faɗa min wurin suna cewa gida biyu ya rasa a wata ɗaya, kuma ya shiga adashi saboda kuɗin haya da ragowar lefe. Ina zaton wannan ce ta ɗaure masa baki. Ya san in hira ta yi tsawo za ki tambayi gida, shi kuma ba ya son cewa bai samu ba. Ban yaba masa ba, don ɓoyewar ce ta jefa ki cikin zullumi. Kawunki ma haka ya yi min, sai a bakin maƙwabta na ji mun rasa ɗaki.

Hausarmu ma ki yi mata uzuri. Mun tashi da Birom da Ibo da Yarbawa a kasuwa ɗaya, maganarmu gajera ce, babu dogon kirari. "Kina lafiya? To sai da safe" a bakin Bajashe ba sallamar kora ba ce.

Ban ce na wanke shi tas ba, zuciyar mutum ba a leƙa ta. Amma ki bar ƙirga minti, ki duba waɗannan. Shi ne yake kira, ko kullum ke ce? In ya rasa kiranki, yana biyo baya ko da safe ne? Ran Juma'a bayan an sauko, da ya samu sarari, muryarsa takan dawo yadda kika san ta? In yana kira kullum ko na minti biyu ne, aiki ne da kunya. In kuwa wayarsa tana kan wani kiran har sha ɗayan dare, kuma manyansa sun yi shiru da maganar sa rana, to wannan ba ta wasiƙa ba ce, babanki za ki gaya wa.

Wasiƙar ki aika, amma ki goge 'yar Jos ɗin nan. A gurbinta ki rubuta: "Goggo ta ce gida yana wuya a wurinku. Ko ɗaki ɗaya ne zan zauna, in dai ka gaya min gaskiyar inda aka tsaya." Amma sai in da gaske za ki iya zaman ɗaki ɗayan, don na san ki da son fili. Ki kuma roƙe shi ya mayar da kiran bayan azahar, lokacin da lodi ya lafa.

Ki gaida mamanki. Na ba direba buhun dankali, ki tura ƙaninki tasha ranar Asabar.