Yadda za ka nemi abokinka ya gabatar da kai a kamfanin da yake aiki

Tambaya: Malam, wani kamfani a Sharaɗa ya fitar da sanarwar neman mai kula da sito, kuma abokina da muka yi makaranta tare yana aiki a sashen sayayya na wurin. Ni shekarata uku ina riƙe da lissafin kaya a wani shagon sari a Kasuwar Singa. Ina so ya sa mini baki amma ina jin nauyinsa. Me zan ce masa, kuma me zan tura masa? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Nauyin da kake ji zai ragu idan ka gane abin da za ka roƙa. Abokinka ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba, don haka kada ka ce masa ya samo maka aiki. Abin da yake iya yi shi ne ya ɗauki takardarka ya kai gaban mai tace masu nema, ya ce: "Na san wannan, a duba shi." Wannan ba kamun ƙafa ba ne, don ba za a tsallake jarrabawa ko ganawa saboda kai ba. Amfaninsa kawai takardarka ba za ta nutse cikin tarin sauran ba. Sai dai da sunansa zai yi maka wannan. In aka ɗauke ka ka ba da kunya, shi za a riƙa kallo a ofis.

Ka yi masa magana kafin ka cike fom ɗin neman aikin. Kamfanoni da yawa, musamman manya, suna da tsarin da ma'aikaci ke shigar da sunan wanda ya gabatar, kuma a wasu wuraren in har ka riga ka nema da kanka, ba a ƙara lissafa ka a matsayin wanda wani ya kawo. Wasu ma suna ba ma'aikacin ɗan tukuici idan wanda ya kawo ya zauna a aikin, ka ga ba lallai ne kai kaɗai ke da riba ba. Amma ka duba ranar rufewa. In saura kwana biyu kuma bai amsa ba, ka nema kawai, daga baya ya ambaci sunanka.

Saƙo biyu za ka tura, kuma kada ka haɗa su wuri ɗaya. Na farko naku ne ku biyu. Tunda an kwana biyu ba a haɗu ba, ka kira shi ku gaisa, ka tambayi iyali, sannan ka rubuta masa wani abu kamar haka:

"Mutumina, na ga kamfaninku na neman mai kula da sito, za a rufe ranar Juma'a ta sama. Ina ganin aikin ya yi daidai da abin da nake yi a Singa. In babu takura, ko za ka miƙa takardata ga mai ɗaukar aikin? Zan turo maka ɗan bayani da za ka tura kai tsaye. In kuma ka ga bai dace ba a wurinku, wallahi ba komai."

Jimlar ƙarshen nan ba ado ba ce. Mutumin Kano da wuya ya ce wa abokinsa a'a ƙiri-ƙiri, sai ya ce "in sha Allahu" ya yi shiru, kai kuma ka zauna jira har a rufe. In ka buɗe masa ƙofar ƙi, za ka ji gaskiya da wuri. Wataƙila shi kansa bai cika wata shida ba, ko ba sa ga maciji da shugaban sashen, ko ya san an riga an cike gurbin daga ciki.

Saƙo na biyu shi ne wanda zai fita daga wayarsa zuwa hannun wanda bai san ka ba, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Ka rubuta shi da bakin abokinka, kamar shi ke magana a kanka, ta yadda ba sai ya gyara ko harafi ɗaya ba. Layi biyar ko shida ya isa, abin da mutum zai karanta a fuskar waya ba tare da ya ja ƙasa ba. Ga misali, ka sauya alƙaluman da naka na gaskiya:

"Ina gabatar da wane don gurbin mai kula da sito da aka sanar, mai lamba kaza. Na san shi tun muna karatu tare a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Kano, inda ya yi babbar difloma a fannin akanta. Shekara 3 yana riƙe da sito a wani shagon sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa: shi ke karɓar kaya daga mota, yana lura da kaya kusan iri 200, yana ƙirga su duk ƙarshen wata a Excel. Ya gama bautar ƙasa, yana zaune a Kano, zai iya fara aiki cikin mako biyu. Ga takardarsa da lambar wayarsa."

In da Turanci ake mu'amala a kamfanin, ka mayar da shi Turanci mai sauƙi, ka ba wani ya duba maka rubutun.

Lura da abin da babu a ciki. Babu "mai gaskiya da riƙon amana", babu "haziƙi mai ƙwazo". Kowa haka yake rubutawa, kuma mai tace takardu ya daina ganin waɗannan kalmomin. Iri 200 da ƙirgar wata-wata su ne abin da zai iya tambayarka a kai ranar ganawa, shi ya sa suke da nauyi. Haka kuma bayanin ya faɗi iyakar sanin da abokinka ya yi maka: makaranta kuka yi, bai taɓa ganin aikinka a sito ba. Kada ka sa masa a baki cewa ya shaida ƙwarewarka. In manaja ya kira shi ya ce "ka taɓa aiki da shi?", dole amsarsa ta dace da abin da ya tura. Kuma in da dangantaka ta jini ko ta aure a tsakaninku, a faɗa tun farko, don wasu kamfanonin suna da doka a kan haka.

Takardar tarihin karatu da aikinka, wadda ake kira sibi, ka tura ta a PDF, sunanka da sunan gurbin a kan fayil ɗin. Kada ka ɗauke ta hoto da waya. Kada ka yi saƙon murya, don ba wanda zai tura wa manajansa muryarka ta minti uku. Kada kuma ka ce "kowane irin aiki ne ina so", wannan ya bar wa abokinka wahalar nemo inda ka dace, kuma ba zai yi ba. Mutum ɗaya ya ishe ka a kamfani ɗaya. In takardarka ta iso ta hannu uku, sai a ɗauka matsin lamba ne.

Bayan ka tura, ka ba shi kamar mako guda, sai dai in ranar rufewa ta matso. Ka tuna masa sau ɗaya da tambaya mai sauƙin amsawa: "Ka samu damar turawa, ko in nema ta shafinsu?" In ya ce ya tura, ka tambayi wa ya ba, don ka san sunan idan aka kira ka. Daga nan ka daina tambayarsa ina aka kwana, domin ɗan sashen sayayya ba ya ganin abin da masu ɗaukar aiki ke yi. In kuwa wani ya kira ka ya ce ka turo kuɗin fom ko na "gyaran suna" kafin ganawa, kada ka tura ko sisi, ka kira abokin naka ya tabbatar maka ko lambar ta kamfanin ce.