Naman tsohuwar akuya: jiƙawa a tsami ko doguwar dahuwa?

Tambaya: "'Yan'uwa, na jiƙa naman akuya a ruwan lemon tsami ya kwana, amma da na dafa sai ya ƙi taunuwa. In ƙara lemon ne, ko in koma tsamiya?"

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi, domin abin da ya same ni ke nan ranar da surukaina suka fara cin abinci a gidana. Wani mahauci ne ya rantse mini cewa ɗan taure ne ya yanka, alhali tsohuwar akuya ce, kuma da na san abin da na sani yanzu, da jan naman nan mai duhu da kitsensa da ya soma komawa rawaya sun tona masa asiri. Na matse lemo goma a kan kilo biyu, ya kwana. Da aka zo ci, saman naman ya yi fari ya saɓule, cikinsa kuwa kamar igiya, ina kallon uwar mijina tana juya tsoka ɗaya a baki har ta gaji ta ajiye a gefen kwano, ba ta ce uffan ba. Har yau ban sake taka rumfar mutumin nan ba.

Kada ki ƙara lemon, kuma tsamiya ba za ta canza komai ba. Tsami ba ya wuce fatar naman sai ɗan kaɗan, taurin kuwa yana can cikin jijiyoyin da suka ratsa tsokar, waɗanda ke ƙara ƙarfi yayin da dabba take tsufa. Abin da ke narkar da su shi ne zafi da danshi na tsawon lokaci.

Ki yanka manya-manya da ƙashinsa, musamman wuya da ƙwauri, ki sa albasa da citta da kanumfari da gishiri, ki zuba ruwan da zai kusa rufe shi. Idan ya tafasa sai ki janye itace, ki rufe tukunyar ta riƙa ɓararraka a hankali awa biyu da rabi zuwa uku. Bayan awa ɗaya za ki ji ya fi da tauri, a nan ne da yawa suke karaya su sauke ko su watsa kanwa, wadda ke baƙanta nama ta ɓata ɗanɗanonsa. Ki bar shi kawai, in ruwa ya ja ki ƙara mai zafi. Ya nuna idan tsoka ta saki ƙashi da kanta, romon kuma yana ɗan danƙo a leɓe, ya daskare idan ya huce.

Ina amfani da lemo har yanzu, amma ga naman ɗan akuya da aka yanka siri-siri don gashi, shi ma awa biyu ya isa. A farfesu kuwa sai na sauke nake matsa rabin lemo.