Teknikal ko fandamental: wanne zan bi kafin in sayi hannun jari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fara sayen hannun jari ta waya wata biyar kenan. A guruf ɗinmu wasu na cewa zanen farashi kawai za ka koya ka san lokacin shiga da fita, wasu kuma na cewa duk wannan duba ne irin na bokaye, rahoton kamfani shi ne gaskiya. Kaina ya ɗaure wallahi. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh abin da ya sa rigimar nan ba ta ƙarewa shi ne mutanen biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, amma kowa na ganin shi ya amsa duka. Mai fandamental tambayarsa ita ce nawa ya kamata a sayi abin nan. Mai teknikal kuwa bai damu da nawa ya kamata ba, shi so yake ya san yanzu haka su wa suka fi ƙarfi a kasuwa, masu saye ko masu sayarwa. Ka je Dawanau za ka ga iri biyun nan a zaune a benci ɗaya, akwai wanda ke tambayar yadda damina ta kasance da tsadar taki da ko an buɗe boda, daga nan ya ce buhun masara bai kamata ya wuce kaza ba, akwai kuma wanda ba ruwansa da wannan, shi dai ya lura kwana huɗu kenan kullum ana ƙara ɗari biyar kuma motoci sai lodi suke, sai ya ce a saya kafin gobe.

Bari in fara da fandamental tunda nan na fi daɗewa. Da'awarsu ita ce kowane hannun jari yana da ƙimarsa ta ainihi wadda take fitowa daga ribar da kamfanin zai samu nan gaba, farashin kasuwa na iya yin sama ko ƙasa da ita amma a ƙarshe zai dawo gida. Benjamin Graham ne ya tsara wannan tunanin a Amurka bayan faɗuwar kasuwa ta 1929, kuma Warren Buffett ɗalibinsa ne. Aikin shi ne ka buɗe rahoton shekara, ka duba kuɗin shiga, riba, bashi, da ko ribar ta zama tsabar kuɗi ko a takarda kawai take.

Ga misali da lamba, kamfanin ba na gaske ba ne, na ƙirƙira ne don ka gane. Hannun jari ɗaya naira 40 a kasuwa, kuma ana sa ran zai raba ribar naira 3 a shekara mai zuwa. Akwai lissafi mai sauƙi da ake yi: ka raba ribar da za a ba ka da bambancin da ke tsakanin abin da kake so kuɗinka ya kawo maka da yadda ribar za ta riƙa ƙaruwa. Ka ce kana son kashi 15 cikin ɗari a shekara, kuma ribar za ta riƙa ƙaruwa da kashi 5, bambanci kashi 10 kenan, 3 a raba da 0.10 ya ba ka naira 30. Wato a naira 40 ya yi tsada, kar ka saya. Yanzu kar ka canza komai sai abu ɗaya, ka ce ribar za ta ƙaru da kashi 10 maimakon 5. Bambanci ya koma kashi 5, 3 a raba da 0.05 ya zama naira 60, sai ga shi ya zama araha, a yi maza a saya. Kamfani ɗaya, rahoto ɗaya, amsa daga 30 zuwa 60, kuma abin da ya raba su hasashe ne na shekarun da ba wanda ya gani. Wannan ita ce babbar sukar da ake wa fandamental kuma gaskiya tana da ƙarfi, lissafin na da kyan gani amma ƙafarsa a kan zato take tsaye, kuma na sha ganin mutum ya riga ya ƙyalla ido a kan kamfani sannan ya zo yana murɗa lambar har ta ba shi amsar da yake so.

Sai matsalar lokaci, wadda ita ta fi cin mutane. Za ka iya zama da gaskiya amma kasuwa ta ƙi yarda da kai har aljihunka ya gaji. A Disamban 1996 shugaban babban bankin Amurka, Alan Greenspan, ya yi gargaɗin cewa zumuɗi ya yi yawa a kasuwa, lokacin ma'aunin farashin hannayen jari na kasuwar Nasdaq na wajen 1,300. Bai faɗi ba, hawa ya ci gaba da yi har ya wuce 5,000 a Maris na 2000, sannan ya rikito ya zubar da kusan kashi 78 zuwa Oktoban 2002. Wanda ya ce ya yi tsada bai yi ƙarya ba, amma ya yi sama da shekara uku yana kallon maƙwabtansa na ninka kuɗi. Kuma duk wannan in rahoton gaskiya ne fa. Kamfanonin da suka durƙushe irin su Enron ta Amurka a 2001 da Wirecard ta Jamus a 2020, inda aka nemi yuro biliyan 1.9 aka rasa, duk suna da rahotannin da masu binciken kuɗi suka sa wa hannu shekara da shekaru.

Toh nan ne mai teknikal ke samun bakin magana. Yana cewa ni me zai kai ni karanta shafi ɗari biyu da ƙila an gyara, alhali duk wanda ya san wani abu, darakta ne ko babban dillali, sai ya saya ko ya sayar, kuma sawunsa zai fito a farashi. Da'awarsu uku ce tun daga rubuce-rubucen Charles Dow wajen 1900: farashi ya riga ya haɗiye duk wani labari, farashi in ya ɗauki hanya yakan ci gaba a kanta, kuma tsoro da kwaɗayin ɗan Adam ba sa canzawa don haka abin da ya faru zai sake faruwa. Daga nan aka samo su sapot da rezistans, wato inda farashi kan tsaya in yana sauka da inda yakan tsaya in yana hawa, da layin matsakaicin farashi na kwana 50 da na kwana 200, da ma'aunin RSI da Welles Wilder ya fito da shi a 1978, wanda in ya haura 70 a ce an saya da yawa, in ya sauka ƙasa da 30 a ce an sayar da yawa.

Ba zan ce maka duk shirme ba ne, don ba haka ba ne. Binciken Jegadeesh da Titman na 1993 ya nuna hannayen jarin da suka yi ta hawa cikin wata 3 zuwa 12 sukan ɗan ci gaba da hawa, kuma an sake ganin haka a kasuwanni da dama. Amma ka lura wannan a kan tarin kamfanoni ne da tsawon watanni, ba kyandir ɗin minti biyar, wato zanen motsin farashi, da ake turo muku da daddare ba.

Inda teknikal ke karyewa shi ne kasuwar da ba ta zuwa ko ina. Mu koma kan kamfaninmu, a ce wata shida yana yawo tsakanin 38 da 44. Layin matsakaici bayan farashi yake bi kullum tunda da farashin jiya aka haɗa shi, sai ya ce ka saya a 43 lokacin hawan ya kusa ƙarewa, ya ce ka sayar a 39 lokacin saukar ta kusa ƙarewa. Sau uku aka yi haka ka rasa naira 12 a kan kowane hannun jari, ga kuɗin dillali shiga da fita sau shida, shi kuwa wanda ya saya a 40 ya je ya kwanta bai rasa ko sisi ba, har an raba masa riba. Sannan zanen kansa, ka ba mutum biyar masu teknikal hoto ɗaya, wani zai ga kai da kafaɗu ya ce za a faɗi, wani ya ga tuta ya ce za a tashi, kuma bayan abin ya faru kowa zai nuna maka inda alamar take ɓaro-ɓaro. In an rufe gefen dama na hoton ne ake gane wanda ya iya.

Ka kuma yi hattara da masu nuna maka sun ci sau goma a jere. In mutum 1,024 suka jefa kwabo sau goma, ana sa ran ɗaya daga cikinsu zai dace duka goman, ba don ya iya komai ba, kuma shi ne zai buɗe guruf ya fara karɓar kuɗin sigina, sauran dubun ba za ka taɓa jin labarinsu ba. Haka in ka gwada dabara ɗari a kan farashin baya dole wata ta yi kyau, sai ka sa kuɗi ta daina aiki. A kasuwarmu ta hannun jari ta Najeriya, wato NGX, ma akwai ƙarin matsala, yawancin ƙananan kamfanoni ba a cinikinsu sosai, kuma farashi ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a rana, don haka in labari mara daɗi ya fito za ka ga layin masu sayarwa ba mai saye, wurin da ka ce nan zan yanke asara sai dai ka kalle shi a waya yana wucewa.

Akwai wani abu da ya faru a gabanmu da nake so ka riƙe. A Yunin 2023 CBN ya saki naira, dala a farashin gwamnati ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 750, farkon 2024 ta wuce 1,400. Ba wani kyandir da zai gaya maka ranar da za a yanke wannan hukuncin. MTN Najeriya kuɗin shigarta ƙaruwa ya yi a 2023, mutane ba su daina sayen data ba, amma ta rufe shekarar da asarar kusan naira biliyan 137, a 2024 kuma wajen biliyan 400, saboda bashi da hayar turakun sadarwa da ke ɗaure da dala. Wanda ya tsaya a kan kuɗin shiga da ribar bara kawai, shi ma abin ya zo masa ba zato duk da yana kiran kansa mai fandamental. Wanda ya gani tun da wuri shi ne wanda ya shiga can ƙarshen rahoto, wajen bayanan da ba a son karantawa, ya duba nawa ne nauyin da ke kan kamfanin da kuɗin waje.

Akwai kuma masu sukar ɓangarorin biyu gaba ɗaya, su Eugene Fama da ya samu kyautar Nobel a 2013, suna cewa duk abin da kai ka gani a zane ko a rahoto dubban ƙwararru sun riga ka gani kuma farashi ya riga ya motsa. A manyan kasuwanni irin na Amurka maganar na da nauyi sosai, yawancin manajojin asusu ba sa iya doke ma'aunin kasuwa in aka yi shekaru aka cire kuɗin aikinsu. Amma a shekarar dai aka ba Robert Shiller kyautar tare da shi, shi kuma aikinsa nuna cewa farashi na tsalle fiye da yadda ribar kamfanoni za ta iya bayyanawa.

Ni dai ga yadda nake yi kuma shi zan ba ka shawara a wata biyar ɗin nan naka. In hannun jari ne na kamfani, fandamental ne ke zaɓar min abin da zan saya, kuma ina yin lissafin nan sau biyu, da zato mai kyau da mara kyau, in farashin kasuwa bai kusa da amsar mara kyau ɗin ba ina haƙura. Zane kuwa ina buɗe shi ne in ga yawan cinikin da ake yi, ko zan iya fita in na so, da kuma kar in tari abin da ke gangarowa kullum. In kuma kirifto ne irin ƙananan koyin ɗin nan da ba riba ba rahoto, toh ka sani babu abin da za ka sa a saman lissafin ma, zanen kaɗai gare ka da duk raunin da na faɗa. Kafin ka ƙara sa kuɗi, samu littafi ka rubuta ciniki 30 na gaba tun kafin ka san sakamako, ranar, farashin, dalilinka da inda za ka fita, sannan ka cire kuɗin dillali ka kwatanta da abin da za ka samu da ka saya ka ajiye kawai. Masu turo muku sigina ma ka nemi su nuna maka irin wannan littafin nasu, har da ranakun da suka faɗi.