Me ya sa katangata ta tsage a kusurwa?

"Shekara ɗaya da gina katangata da bulo mai inci 9, ga shi ta tsage a kusurwa daga sama har ƙasa, a miƙe. Siminti ne ya yi kaɗan?"

Malam, tsagar da ta miƙe haka ba kasafai take zuwa daga ƙarancin siminti ba. Kankare filasta a wurin ka duba gaɓoɓin. In gaɓar layin sama ta hau kan ta ƙasa, to bangayen biyu jingina kawai suka yi da juna, ba su kama juna ba.

Bulonmu tsawonsa inci 18 ne, faɗinsa 9. A layin farko bulon bangon gabas ne zai shige ya rufe kusurwa, a na biyu na bangon kudu ya hau kansa, haka ake ta musaya har sama. Da yake faɗin rabin tsawon ne, kowace gaɓa sai ta faɗo tsakiyar bulon da ke ƙarƙashinta, nauyi ya bazu, tsaga kuma ta rasa miƙaƙƙiyar hanya. Bulo mai inci 6 ba ya fitowa haka, sai magini ya yanka na cikawa, kuma kada ya cusa 'yan gutsattsari a kusurwa.

Liƙa siminti a tsagar ɓata kuɗi ne, za ta dawo. A warware kusurwar kamar matakala, a sake ɗaure ta, ko a zuba fila da rodi, a bar guntayen rodi suna shiga bangon duk bayan layi 2. Amma in tsagar ta karkace tana bin gaɓoɓi hawa-hawa, a fara tona a duba tushe.