Minti biyun farko a gaban masu intabiyu

"Salam 'yan'uwa. Na gama digiri a fannin akanta, an kira ni intabiyu ranar Talata. Sau biyu ke nan ana cewa in gabatar da kaina sai kaina ya ɗaure, in yi ta zuba ba kai ba gindi. Don Allah me ake faɗa a minti biyun nan?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi na san wannan ɗaurewar kan, kuma abin da ya fi ciwo ba shirun farko ba ne. Lokacin nan ne da kin yi nisa da magana, kina labarin sakandare, sai ki ga na tsakiya ya sunkuyar da kai yana juya takardunki, na gefe ya jawo waya. Muryarki ta fara rawa, ki ƙara sauri, ki manta inda kika dosa, can sai wani ya katse ki da "to, mun gode". Wasunsu ma ba su kyautawa, mutum ya sha wahalar zuwa amma ko ɗago kai ba za su yi ba. Sai dai ki sani, sunkuyar da kan nan alama ce: kina karanta musu abin da ke rubuce a gabansu.

Minti biyu gajere ne. In mutum na magana a natse, kalma 250 zuwa 280 ce kawai za ta shiga. Ki ɗora shirinki a kan minti ɗaya da daƙiƙa 40, saboda a ɗakin za ki yi numfashi, za ki ɗan sarƙe, ragowar ta tafi nan.

Daƙiƙa 15 na farko: sunanki, abin da kika karanta, da ɓangaren da kika fi ƙarfi a ciki. Shi ke nan. Ranar haihuwa, firamare, ke ce ta nawa a gidanku, duk ki bar su a waje.

Minti ɗaya na tsakiya shi ne ƙashin bayan maganar, kuma nan sabbin masu digiri ke faɗuwa. Sai su jero "ina da himma, ina da gaskiya, ina son aiki da mutane". Wanda ya fita kafin ki shigo haka ya ce, ba mai riƙe wannan. Ki zaɓi aiki guda ɗaya tak da kika yi da hannunki, a horon sanin makamar aiki ko a binciken kammala karatu, ki faɗi me aka ba ki, me kika yi, me ya fito. A ce mataimakiyar akanta suke nema, kamar haka:

"A horon wata shida da na yi, an ɗora mini daidaita littafin kuɗi da bayanin banki duk ƙarshen wata. A wata na biyu lissafi ya ƙi haɗuwa. Na zuba shigarwar a Excel, na jera su bisa adadin kuɗi, na gano an shigar da rasit ɗaya sau biyu. Daga nan na ƙara gurbin lambar rasit a jadawalin, kuskuren bai sake faruwa ba har na tafi."

Kin gani, ba ki ce ke mai lura ba ce, sun gano da kansu. Amma don Allah ki sa naki na gaskiya, komai ƙanƙantarsa, domin tambaya ta gaba daga nan za ta fito: yaya kika jera su, wa kika sanar? Wanda ya ƙirƙira a nan yake tonuwa.

Kuma kada ki kuskura ki ce "duk da ba ni da ƙwarewa". Sun ga takardarki kafin su kira ki. Abin ma yana ba ni haushi, a rubuta ana neman sabon mai digiri sannan a tsare shi da zancen shekarun aiki, to a ina zai samo su? Kada ki miƙa musu sandar da hannunki.

Sauran daƙiƙa 25, ki ɗauko abu ɗaya daga tallar aikin ki ɗaure shi da misalinki: "Na ga wanda za ku ɗauka zai riƙa shirya rahoton ƙarshen wata, shi ne aikin da na fara saba hannu da shi, shi ya sa na nemi gurbin nan." Sai ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, kada ki cike shi da "shi ke nan dai" ko sabon labari.

Kada ki haddace kalma da kalma, mai hadda in kalma ɗaya ta ɓace masa sai duk ta rushe. Jimlar farko da ta ƙarshe kawai za ki riƙe daram, tsakiya kuwa ki rubuta kalmomi huɗu a 'yar takarda: horo, banki, rasit, jadawali. Kafin Talata ki naɗi muryarki a waya kamar sau biyar, da harshen da za a yi intabiyun, kina duba agogo. In ya wuce minti biyu, daga farkon za ki yanke, kada ki taɓa misalin.