Gidana amma motata: me ya sa?

"Ɗalibaina a Gusau suna rubuta motana, rigana. Ya zan gyara musu?"

Malam, su fara duba jinsin sunan. Namiji yana ɗaukar -n, mace mai ƙarewa da -a tana ɗaukar -r: gidansa, motarsa. A kan "ni" ne harafin ke rikiɗa, -n ta zama -na, -r ta zama -ta. Shi ya sa gidana, amma motata, rigata.

Ka ce yaro ya gwada da "shi" tukuna. In ya ji rigarsa, to rigata ce. Kada -a ta ruɗe su, ruwa namiji ne: ruwansa, ruwana. Yaran Zamfara kan ce rigatai a gida; daidai ne a karinsu, amma a jarrabawa rigarsa za su rubuta, a haɗe.